Sikeli ya ce lafiya lau, tef ɗin tela ya ce da sake: wanne za a bi?

"Likita, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne a Tudun Wadan Zariya, shekaruna 47. Tsawona santimita 172, nauyina kilo 72, kuma shekara takwas da suka wuce ma kilo 70 nake. Amma telana ya ce ƙuguna ya tashi daga inci 35 zuwa 39. Da na je awon hawan jini, nas ta ce teɓata ta fi damunta a kan nauyina. Ƙanina manomi ne, kilo 85 yake, ba wanda ya taɓa ce masa uffan. Ta yaya ni da ban kai shi nauyi ba zan fi shi shiga haɗari?"

Barka kadai, Malam. Nas ɗin nan gaskiya ta gaya maka, kuma telanka ya yi maka aikin da sau da yawa mu a asibiti ba ma tsayawa mu yi saboda layin marasa lafiya. Lambobin da ka turo sun isa mu yi lissafi tare, don haka da su za mu yi aiki.

Mu fara da abin da sikeli ya ce. A asibiti ba kilo tsura muke dubawa ba, muna haɗa shi da tsawo, mu fitar da abin da ake kira BMI. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita, sannan a sake raba amsar da tsawon. Naka kilo 72 ne, tsawo mita 1.72, sai ya ba da 24.3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce ta sosai. Ka ga ke nan in da takarda kaɗai aka miƙo mini ban ga mai ita ba, hannu zan sa in ce a ci gaba da abin da ake yi.

Matsalar ita ce wannan lissafi ba don a duba mutum ɗaya aka ƙirƙiro shi ba. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a shekarun 1830 yana nazarin yadda jikin jama'a yake a dunƙule, sai a 1972 aka raɗa masa sunan da muke kiransa da shi yanzu. In mutum dubu goma za a auna a san yadda ƙiba take a gari, yana da amfani ƙwarai. In kai kaɗai ne a gabana, abu biyu yake ɓoye mini. Ba ya bambanta tsoka da kitse da ƙashi da ruwa, duk kilo ne a wurinsa. Kuma ko kitsen ne, ba ya faɗin inda ya taru.

Duba labarinka da kyau. Kilo biyu kacal ka ƙara a shekara takwas, amma ƙugu ya ƙara inci huɗu, wato santimita goma. Da wuya kitsen kilo biyu shi kaɗai ya faɗaɗa ciki haka. Abin da ya fi yiwuwa shi ne musaya aka yi a ɓoye: tsokar cinya da ta ɗuwawu da ta kafaɗa ta ragu, kitse ya maye gurbin nauyinta, kuma a ciki ya zauna. Haka jikin namiji yake yi in ya ba arba'in baya, musamman wanda ya ajiye keke ya hau babur, daga aji sai ofis, daga ofis sai majalisa. Babbar riga da kaftani kuma sun iya rufa asiri. Mazagin wando ba ya ƙorafi, sassauta shi kawai ake yi, shi ya sa tela yake riga mai jikin ganewa.

Kitsen ciki da na ƙarƙashin fata

Ka tuna ranar layya, lokacin da ake feɗe rago. Da an ɗaye fata za ka ga wani kitse shimfiɗe a bayanta da wajen wutsiya. Da an farke ciki kuma sai ka ga wani daban: farin kitsen nan mai kama da raga da ya lulluɓe hanji, da wanda ya cika tsakanin hanjin, da dunƙulen da ya rungume ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Akwai kitsen da za ka iya mintsina da yatsu a cinya ko damtse ko gefen ciki, shi ne na ƙarƙashin fata. Akwai kuma wanda yake can bayan tsokar ciki, tare da hanji da hanta, wanda hannu ba ya kai masa. Shi ne yake turo ciki gaba ya yi tauri, irin tumbin da in ka danna ba ya lotsawa sosai.

Na ƙarƙashin fata, musamman na cinya da kwankwaso, ma'aji ne mai haƙuri. Yana karɓar rarar abinci ya riƙe, ba ya saurin sakinta cikin jini. Na cikin ciki kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Kullum cikin narkewa yake yana sakin mai, kuma jinin da ya biyo ta cikinsa ba ya zagaya jiki tukuna, kai tsaye yake zarcewa hanta ta babbar jijiyar da take kwaso abinci daga hanji. Hanta ce ke nan take fara shan wannan mai dare da rana.

Ga abin da yake biyo baya. Bayan an ci abinci, jiki yana sakin sinadarin insulin, wanda yake umartar tsoka ta kwashe suga daga jini, yake kuma ce wa hanta ta dakata da zubo nata sugan. Hantar da mai ya cika ba ta jin wannan umarni yadda ya kamata, sai ta ci gaba da zubo suga ko da jini ba ya bukata. Jiki ya ƙara yawan insulin don a ji shi. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, awon suga yana fitowa daidai, mutum yana ganin lafiyarsa ƙalau. Ranar da gaɓar da take samar da insulin ɗin ta gaji, ranar ce ake cewa ciwon suga ya kama wane, alhali ya daɗe a hanya. Yawan insulin ɗin nan kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, abin da yake taimaka wa hawan jini. Hanta tana ƙara zubo mai cikin jini, kwalastaral mai amfani yana raguwa, kitsen cikin kuma yana fitar da wasu sinadarai masu sa kumburi a bangon jijiyoyin jini. In waɗannan suka haɗu, su ne suke share wa toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki hanya.

Wannan ba sabon zance ba ne. Tun 1947 wani likita a birnin Marseille na Faransa, Jean Vague, ya rubuta cewa masu ƙibar sama, ta ciki da ƙirji, sun fi masu ƙibar ƙasa kamuwa da ciwon suga da na zuciya. An daɗe ba a saurare shi ba. Daga baya manyan bincike suka gaskata shi. Wani da aka yi a ƙasashe 52, har da na Afirka, aka buga sakamakonsa a 2005, ya kwatanta waɗanda jijiyar zuciyarsu ta toshe da waɗanda ba ta toshe ba, ya gano cewa girman ƙugu in an gwada shi da na kwankwaso ya fi BMI nuna wanda abin zai samu. Wani kuma a Turai ya bi mutum sama da 350,000 na tsawon shekaru, a 2008 ya nuna cewa ko a cikin masu BMI iri ɗaya, mai babban ƙugu ya fi shiga haɗarin mutuwa da wuri.

Amma wanda ya fi gamsar da ni ƙarami ne, an buga shi a 2004 a Amurka. An ɗauki wasu mata masu ƙiba aka yi musu tiyatar zuƙe kitse, aka cire wa kowacce kimanin kilo goma na kitsen ƙarƙashin fatar ciki. Sikeli ya sauka, ba shakka. Da aka sake auna su bayan makonni, sugansu da hawan jininsu da yadda jikinsu yake jin insulin duk suna nan yadda suke. An kwashe kilo goma, ba a taɓa kitsen da yake ɓarnar ba.

Yadda za ka auna da kanka

Kafin mu yanke hukunci da inci 39 ɗin nan, sai an sake awo, domin awon tela da na asibiti ba wuri ɗaya suke kamawa ba. Tela yana auna inda wando zai zauna. Mai teɓa kuwa yawanci ƙarƙashin teɓar yake ɗaura wando, saboda haka lambar tela takan gaza ta gaskiya. Wani telan kuma yakan ƙara inci ɗaya don kada ɗinki ya matse. Na sha ganin wanda ya ce mini wandonsa 36 ne, na zagaya tef na samu 40.

Ka ari tef ɗin tela, wanda bai tsufa ya miƙe ba. Gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita, ka yi aiki da santimita don ya fi nuna ƙaramin canji. Da safe za ka yi, bayan ka zaga, kafin karin kumallo. Ka cire riga, ka tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna. Ka sa yatsa a gefen jikinka ka lalubo haƙarƙarin ƙarshe na ƙasa, sannan ka gangara ka lalubo saman ƙashin kwankwaso. Tsakiyar waɗannan wurare biyu, nan ne wurin awo. Ga mutane da yawa yakan faɗo daidai cibiya ko ɗan sama da ita, amma kada ka dogara da cibiya, domin in ciki ya yi girma tana sauka ƙasa.

Ka zagaya tef ɗin ya kwanta a kan fata, ba ya nutsewa ciki, ba ya kuma lilo. Ya zama a miƙe yake ta gaba da ta baya. Nan ne aka fi kuskure, tef ya haye sama ta baya ya zamo ta gaba, don haka gara maiɗakinka ta duba maka ko ka tsaya gaban madubi. Ka yi numfashi biyu ko uku yadda ka saba, ka karanta lambar a daidai lokacin da ka gama fitar da iska, ba tare da ka matso ta da ƙarfi ba. Kusan kowa, da tef ya taɓa shi, sai ya shanye ciki bai ma sani ba. Ni nakan ja mutum da hira, in tambaye shi unguwarsu ko farashin masara, in karanta lokacin da ya shagala. Ka auna sau biyu. In bambancin bai wuce santimita ɗaya ba, ka ɗauki tsakiyarsu, in ya wuce ka sake. Kada ka auna bayan ka tashi daga kan tuwo ko ka sha fura ka ƙoshi, lambar za ta tsorata ka a banza.

Me lambar take nufi

Iyakokin da aka fi amfani da su ga namiji su ne santimita 94 da 102, wato kamar inci 37 da 40. Daga 94 haɗari ya fara ƙaruwa, daga 102 ya ƙaru sosai. Ga mace 80 ne da 88. In awonka ya tabbata inci 39, santimita 99 ke nan, ka wuce iyakar farko, saura uku ka taɓa ta biyu.

Sai dai waɗannan lambobi daga jikin Turawa aka samo su. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya da kanta, a 2005, ta ce mutanen Afirka kudu da Sahara su ari na Turai kafin a samu nasu. Binciken da aka yi a kan baƙar fata ya nuna cewa a ƙugu iri ɗaya kitsen cikinmu yakan gaza na Bature, amma hakan bai kare mu daga hawan jini da ciwon suga ba. Wasu binciken da aka yi a Afirka ma sun nuna cewa ga maza haɗarin yana farawa tun kafin a kai 94. Ban da haka, lamba ɗaya ba za ta yi wa dogo da gajere adalci ba. Santimita 92 a jikin mai tsawon 185 daban, a jikin mai tsawon 160 daban.

Shi ya sa na fi son wata hanya mai sauƙi, wadda hukumar da take tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta amince da ita a 2022: ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ana raba ƙugu da tsawo. Ƙasa da 0.5 daidai ne, daga 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya yi yawa, daga 0.6 ya yi yawa ƙwarai. Namiji da mace duk ƙa'ida ɗaya. Ko babu tef ana iya yi: a yanki igiya daidai tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka ta biyu, a zagaya ƙugu. In bakunan ba su haɗu ba, an wuce.

Rabin tsawonka santimita 86 ne. Ƙugunka 99, ka haura da 13. In an raba 99 da 172 ana samun 0.58, kana dab da matakin sama. Ko shekara takwas da suka wuce, inci 35 ɗin nan santimita 89 ne, ka riga ka ɗan tsallaka layin tun a lokacin.

Ƙaninka kuma ba ka ba ni tsawonsa da ƙugunsa ba, amma mu ƙaddara tsawonsa 178, ƙugunsa 87. BMI ɗinsa zai zama 26.8, takarda ta ce nauyinsa ya yi yawa. Ƙugu a kan tsawo kuwa 0.49 ne, bai kai rabi ba. Mutumin da yake huɗa da noma da ɗaukar buhu, kilonsa a cinya da gadon baya da damtse yake, kuma tsoka ita ce babbar mai kwashe suga daga jini bayan an ci abinci. In haka jikinsa yake, ya fi ka da kilo 13 amma ka fi shi abin damuwa. In kuma shi ma ya ajiye fartanya ya koma sa 'yan ƙwadago yana zaune a inuwa, to ka kai masa tef ɗin idan ka je gida. Rashin ce masa komai ba shaida ba ce, wataƙila ba a taɓa auna shi ba ne.

Inda tef yake ruɗi

Tef girman ciki yake aunawa, bai san abin da ya cika cikin ba. Mai juna biyu da mai jego ba a yi musu wannan lissafi. Mace mai ƙari a mahaifa, wanda ya yi yawa a cikin matanmu, cikinta zai iya girma ba kitse ba ne. Yara ƙanana ma nasu awon daban ne. Wanda kuma ƙibarsa ta kai BMI 35, tef ba shi da sabon labarin da zai ba shi, an riga an san akwai aiki.

Wanda na fi tsoro shi ne ruwa a ciki. A ƙasar nan ciwon hanta na hepatayitis B ya yi yawa, kuma hantar da ta lalace tana tara ruwa a ciki. Ciwon zuciya da na ƙoda ma suna yi. Bambancin yana cikin lokaci da abin da ya rako shi. Kitse shekaru yake ɗauka, kamar naka. Cikin da ya tashi a makonni ko 'yan watanni, ga ƙafa tana kumbura, ga fuska da hannuwa suna ramewa, ko ido ya yi rawaya, ko numfashi yana gajarta in an kwanta, wannan ba na rage tuwo ba ne. Asibiti za a je a makon, a yi hoton ciki.

Akwai kuma ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata da amare suke saya a kemis ko wurin masu haɗi. Da yawansu akwai maganin sitiroyid a ciki, irin su dekisametason. Aikin wannan magani in an daɗe ana sha shi ne ya cinye tsokar hannu da ƙafa, ya tara kitse a ciki da fuska da ƙeya, ya tayar da suga da hawan jini. Na taɓa duba wata matashiya da aka kawo da jiri da yawan fitsari, fuska ta yi zagaye, ƙafafu sirara, ga jajayen zane a gefen ciki. A gida murna ake ta yi ta murmure. Wasu masu ciwon gwiwa da asma ma suna shan irinsa shekara da shekaru ba da sanin likita ba. In akwai mai sha a gidanka, kada ya yanke shi rana ɗaya, hakan na iya kayar da mutum. Likita ne zai rage masa a hankali.

Ko in babu ɗaya daga cikin waɗannan, tef ba ya raba kitsen ƙarƙashin fatar ciki da na can ciki. Manyan na'urorin hoto ne kaɗai suke iya wannan, kuma ba wanda zai tura ka can don haka kawai. Babban ƙugu ba ciwo ba ne a kan kansa. Akwai masu teɓa da sugansu da jininsu suke lafiya lau, akwai sirara masu hawan jini na gado. Abin da lambar take cewa shi ne a duba ka yanzu, kada a jira alama.

Abin da zan so ka yi

Ba ka gaya mini nawa hawan jininka ya nuna ranar ba. In ya kai 140 a kan 90 ko ya wuce, a sake aunawa a wasu ranaku daban kana zaune ka huta, domin awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Sannan ka yi awon suga na safe, bayan awa takwas ba ka ci komai ba sai ruwa. In ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 a na'urorin da suke nuna mg/dL, kuma aka maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. In yana tsakanin 6.1 da 6.9, kana bakin ƙofa, kuma a nan ne gyara ya fi yin tasiri. In da hali a haɗa da awon mai na jini. Ka tambayi manya a gida ko akwai mai suga ko wanda ya shanye a dangin uwa ko na uba, domin wannan yana canza yadda zan ɗauki lambarka.

Abin daɗin shi ne kitsen nan da ya fi ɓarna shi ya fi saurin tafiya in aka motsa jiki. Minti 150 a mako ake nema na tafiya mai sauri, wato rabin awa sau biyar, irin saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta yi zafi da babura su cika titi. Tunda kai tsoka ka rasa, tafiya kaɗai ba za ta wadatar ba. Sau biyu a mako ka ba tsoka aiki: tsugunawa da miƙewa, dannawa da hannu a ƙasa ko a jikin bango, ɗaukar jarkar ruwa, ko ka bi ƙaninka gona da damina ka kama fartanya da gaske. Atisayen naɗe ciki da matasa suke yi yana ƙarfafa tsokar wurin amma ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙona. Ɗamarar roba mai sa gumi kuwa ruwa kawai take fitarwa, ka sha kofi biyu ya dawo. Shayin rage teɓa da ake talla, yawancinsa gudawa yake sawa.

Wajen abinci ba zan ce ka bar tuwo ba, ba mai ɗorewa ba ne. Ka fara da abin sha. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara, kuma wani kaso na sugan nan hanta ce take sarrafa shi, in ya yi yawa ta mai da shi kitse. Ka ƙara da shayin mai shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, da zoɓo da kunun aya da ake zuba wa suga ba awo, da furar da ita ma sai an ƙara mata. Mutum yana iya shanye abin da ya kai cin abinci guda a rana bai tauna komai ba. Bayan wannan sai malmalar dare: in biyu kake ci ka koma ɗaya, miya ta fi yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe, a rage mai. Wake da ƙwai da kifi da zogale su samu wuri, don tsokar da kake son ginawa tana bukatarsu. In kana shan taba, ka sani tana cikin abubuwan da suke tura kitse ciki ko da mai shanta siriri ne. Za ka kuma sha magana a majalisa, masu cewa teɓa alamar hutu ce su ne za su fara tambaya ko lafiya in ta sauka.

Kada ka sa ran komawa 86 cikin wata uku. In ka sauko daga 99 zuwa 94 a wata shida, ka yi aiki mai kyau, kuma sau da yawa suga da hawan jini sukan nuna sauƙi tun kafin a kai rabin tsawo. Sau ɗaya a wata ya isa awo, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, tef ɗaya, ka rubuta a bayan littafi. Sikeli ma kada ka jefar da shi, ka riƙa karanta su tare. In ƙugu yana sauka nauyi yana tsaye ko ya ɗan ragu, tsoka ce take dawowa, haka ake so. In duka biyun suna hawa, abinci ya fi aiki yawa. In kuwa ka ga nauyi da ƙugu suna zubewa da sauri ba ka canza komai ba, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ga kasala, wannan ba nasara ba ce. Haka ciwon suga yake yi in ya riga ya yi ƙarfi, kuma ranar da ka lura ranar za ka je a auna ka.